Kortizon: a sauka a hankali, kada a yi tsalle

A wata damina aka kawo mana wata mata a bayan amalanken jaki daga wani ƙauye kusa da Mai Wurno. Shekarunta wajen hamsin. Kwana biyu tana amai, ba ta iya zama sai an riƙe ta. Danginta sun ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, amma gwajin jini bai nuna komai ba. Da muka auna hawan jininta sai muka ga ya faɗi ƙasa ƙwarai, sukarin jininta ma haka.

Na tambayi 'yarta ko akwai maganin da uwar take sha. Ta ce, "Malama, da akwai, amma ya ƙare kwana huɗu ke nan." Ta kwance bakin zanenta ta nuna mini fakitin da babu kome a ciki. Firednisolon ne, ɗaya daga cikin magungunan da mutane suke kira kortizon. Wata huɗu uwar tana shan ƙwaya huɗu kowace safiya saboda ciwon gaɓoɓi. Ruwan sama ya mai da hanya laka, mota ta daina shiga, magani ya ƙare. Rashin maganin nan ne ya kusa kashe ta.

Me ya sa haka?

A kan kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka ƙarama, kamar hula a kan kai. Aikinta ta zuba wani sinadari cikin jini mai suna kortizol. Shi ne yake riƙe hawan jini da sukari, shi ne kuma yake ba jiki ƙarfin jure zazzaɓi, ko rauni, ko haihuwa. Abin da jikin babba yake yi a yini ya yi kusan daidai da ƙwayar firednisolon ɗaya mai miligiram 5.

In mutum yana shan ƙwaya huɗu ko shida kullum, jiki yakan ga abin ya wadata, sai tsokar nan ta daina aiki. Kamar rijiyar gida ce da aka bari domin an jawo famfo. Ranar da famfo ya ɗauke, in ka zura guga laka za ka tarar, sai an yashe ta an kuma jira ruwa ya taru. Haka tsokar take. Farfaɗowarta takan ɗauki makonni, a wasu mutane watanni, har shekara guda. Rage magani kaɗan-kaɗan shi ne yasar rijiyar tun famfo bai ɗauke ba.

Akwai dalili na biyu. Kortizon danne ciwo yake yi. In an ɗauke shi farat ɗaya, fuka ko kumburin da aka danne yakan taso da ƙarfi.

Wa ya kamata ya rage a hankali?

Wanda aka ba shi na kwana biyar saboda fuka ta tashi, yana iya dainawa ranar da aka ce. Amma wanda ya sha fiye da mako uku, ko wanda aka sha maimaita masa kusa da kusa, ko wanda ya sha ƙwaya takwas (miligiram 40) kullum fiye da mako guda, kada ya daina sai da tsarin likita.

Ina kuma magana da 'yan'uwana mata masu shan ƙwayar ƙiba, wadda ake kira Abu Najma a kasuwannin Sudan. Dekisametason ce, ita ma kortizon ce, ta kuma fi firednisolon ƙarfi nesa ba kusa ba. Cikar fuskar da take kawowa ba lafiya ba ce. Amma in kin daɗe kina sha, kada ki watsar da ita yau don kin karanta wannan. Kawo fakitin asibiti a tsara miki sauka. Ba za mu yi miki faɗa ba.

Yadda muka yi da matar nan

Nan take aka yi mata allurar haidirokortizon miligiram 100, aka ɗaura mata ruwan gishiri da na sukari. Kafin gari ya waye ta zauna ta nemi koko. Da amai ya tsaya, likita ya mai da ita kan ƙwayarta huɗu har ta murmure, sa'an nan ya rubuta mata wannan tsari, kowace ƙwaya miligiram 5:

Mako na 1 da na 2: ƙwaya uku kullum.
Mako na 3 da na 4: ƙwaya biyu.
Mako na 5 da na 6: ɗaya da rabi.
Mako na 7 zuwa na 10: ƙwaya ɗaya.
Mako na 11 zuwa na 14: rabin ƙwaya, sa'an nan ta daina.

Ku lura, da farko an yi sauri, da aka kai ƙwaya ɗaya sai aka rage gudu. Dalili shi ne daga nan ne tsokar take fara karɓar aikinta, nan ne kuma haɗari ya fi yawa. Mun ƙirga ƙwaya 133 muka ba ta gaba ɗaya domin kada hanya ta sake yanke ta. Ba ta karatu, saboda haka 'yarta ta zana ƙwayoyin kowane mako a takarda, suna sauya mataki ranar Juma'a.

A mako na takwas ta dawo tana kukan kasala da ciwon jiki da rashin son abinci. Hawan jininta lafiya, gaɓoɓi ba su kumbura ba. Likita ya mai da ita ɗaya da rabi na mako biyu, aka ƙara mata ƙwayoyi, sa'an nan ta ci gaba. Komawa baya mataki ɗaya ba faɗuwa ba ne. Wannan tsari nata ne ita kaɗai. Naka zai bambanta gwargwadon ciwonka da daɗewarka kan magani.

Alamu iri uku

Kasala kaɗan da ciwon jiki bayan an rage: a gaya wa ma'aikacin lafiya cikin makon.

Tsohon ciwo ya dawo, kamar numfashi da ƙyar ko kumburi: a koma asibiti, kada a ƙara wa kai magani.

Amai ko zawo, jiri in an miƙe, ruɗewa, suma: wannan ba ya jiran safiya. A tafi asibiti mafi kusa, ko Sinnar ne, ko Singa, ko Wad Madani, ko Damazin. Kalmar farko ga likita ita ce, "Yana shan kortizon."

In zazzaɓi ya kama ka kana tsakiyar ragewa, jiki yana bukatar ƙari ne, ba ragi ba. Kada ka daina, ka je a duba ka ranar, domin likita yakan ninka maganin na 'yan kwanaki. Ko bayan ka gama, har shekara guda, ka faɗa wa duk wanda zai yi maka tiyata, ko cire haƙori, ko karɓar haihuwa.

A sha magani da safe bayan an ci abinci. Mai azumi ya sha da sahur, ya kuma yi shawara da likita tun azumi bai kama ba. Kafin damina ta rufe hanya, ku ƙirga ƙwayoyinku, ku nemo sabo tun da sauran na mako biyu a hannu. In kuwa tafiyar gaggawa ta kama ku, kamar yadda ta kama mutane da yawa a Jazira tun 2023, fakitin nan ya shiga aljihu kafin kome.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.