Yadda marubuci mai zaman kansa yake tayin maƙala ga edita

Marubuci mai zaman kansa ba ya cin albashin wata jarida. Shi yake nemo abin da zai rubuta, ya kai wa edita tayinsa, in an karɓa ya yi aikin a biya shi. Tayin gajeriyar wasiƙa ce, galibi ba ta wuce kalmomi 200 zuwa 300, kuma ana aika ta ne kafin a rubuta maƙalar. Dalilin haka a fili yake: wanda ya ɓata mako biyu yana rubutu sannan ya ji cewa jaridar ta buga irinsa a watan jiya, wahalarsa ta tashi a banza. Abubuwa uku edita yake nema a cikin wasiƙar, wato ta inda za a ɓullo wa batun, tsawon rubutun, da ranar da zai iso hannunsa.

Na farkon ya fi wuya, kuma a nan ne yawancin tayi suke faɗuwa. Sabon marubuci yakan ce yana so ya yi rubutu a kan noman tumatir a Kano. Wannan batu ne mai faɗi da za a iya cika littafi da shi, edita kuwa ba zai san me za a kawo masa ba. Abin da ake so shi ne a tsaga yanki ɗaya daga cikin batun, mai ɗauke da tambaya guda da mutanen da za su amsa ta.

Misali, manoman rani na Kura da Kadawa da Garun Malam suna noma tumatir da ruwan madatsar Tiga, kuma Kwanar Gafan da ke kan hanyar Zariya tana cikin manyan wuraren da ake loda shi zuwa kudu. An sha rubuta labarin faɗuwar farashi idan kaya ya yi yawa. An sha rubuta na kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, da na tsutsar da ta cinye gonaki a wannan shekarar. Marubuci mai lura zai nemi abin da aka tsallake: masu yanka tumatir su shanya shi ya zama kauɗa idan kasuwa ta karye. Su waye? Nawa ake biyansu a kwando? Wa yake saye ya ajiye, kuma wa yake cin ribar idan damina ta sauka tumatir ya yi tsada? Alamar cewa marubuci ya kama bakin zare ita ce ya iya faɗin maƙalar a jimla ɗaya. In sai ya yi ta ƙara “sannan kuma zan taɓo”, to da saura.

Wannan zaɓi ba ya yiwuwa sai an san gidan da za a kai tayin. Aminiya jarida ce ta labarai da al'amuran yau da kullum, mujallar Fim kuwa tun kafuwarta a 1999 harkar finafinai ta sa gaba. Labarin kauɗa zai dace da ta farkon, ta biyun ba ruwanta da shi komai kyansa. Don haka ake karanta fitowa da dama na jaridar, a ga irin abin da take bugawa da wanda ta riga ta buga, a kuma gano editan da ke kula da shafin da ake nufi.

Wasiƙar kanta za ta iya zama kamar haka:

“Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina tayin maƙala ga shafinku na noma a kan masu yin kauɗa a yankin Kadawa, da yadda ribar tumatir take kuɓucewa manomi a lokacin arha ta koma hannun masu ajiya. Zan zanta da manoma uku, masu yanka biyu, dillali ɗaya a Kwanar Gafan da malamin gona. Biyu daga cikin manoman sun riga sun amince. Tsawonta kalmomi 1,200, da hotuna huɗu da zan ɗauka da kaina. Zan miƙa ta ranar 10 ga Fabrairu, lokacin da kaya ya yi yawa a kasuwa. Ina zaune a Kura, ga kuma rubutuna biyu na baya. Na gode.”

Jimlar da ta fi nauyi a ciki ita ce wadda ta ce manoma biyu sun amince. Ita take nuna wa edita cewa an riga an taka ƙafa an je wurin. Sai dai kada a rubuta ta in ba gaskiya ba ce, domin editan da ya kama marubuci da ƙarya sau ɗaya da wuya ya sake buɗe saƙonsa.

Ana auna tsawo da kalmomi ne, domin shafin marubuci da na jarida ba ɗaya ba ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙirga kalmomin maƙala biyu ko uku da suka fito a shafin, a yi tayin abin da ya yi kusa da su. In an yi yarjejeniya a kan 1,200, ƙarin kalmomi hamsin ba ya tayar da hankali, amma 2,000 matsala ce. Editan da lokaci ya ƙure masa yakan datse daga ƙasa, kuma a nan ne marubuta da yawa suke ajiye abin da suka gano.

Ranar miƙa aiki kuwa lissafi take bukata. A labarin kauɗa, zuwa gonaki da kasuwa zai ci kwana biyu. Mayar da hirar da aka naɗa zuwa rubutu yana cin lokaci fiye da yadda ake zato, domin hirar awa ɗaya takan ɗauki kamar awa huɗu. A ƙara kwana biyu na rubutu, da ɗaya na sake buga waya a tabbatar da sunaye da farashi. Jami'in gwamnati kuma yana iya cewa a dawo jibi. Aikin da ake gani na mako ɗaya ne, gara a nemi kwana goma a kansa. Akwai kuma lissafin jaridar: ta mako-mako tana rufe shafukan maƙala kwanaki kafin ta fito, mujallar wata-wata kuwa makonni. Labarin da ya danganci Fabrairu, a Disamba ko farkon Janairu ya kamata tayinsa ya isa. In wani abu ya gitta, a sanar da edita tun da sauran kwanaki don ya cike gurbin. Shiru har ranar ta wuce shi ne laifin da editoci ba sa mantawa.

Idan edita ya amince, a daidaita kuɗin aiki a rubuce kafin a fara: nawa ne, ko kuɗin mota da hotuna suna ciki, ko ana biya ne bayan miƙawa ko bayan bugawa, da abin da zai faru in an fasa bugawa. Wasu gidajen ba sa biyan rubutun da ya zo daga waje, kuma ya fi kyau marubuci ya san haka tun farko. Idan kuma shiru ne ya biyo baya, ana tuntuɓa sau ɗaya bayan mako guda cikin ladabi. In har yanzu babu amsa, marubucin yana da damar kai tayinsa wata jaridar, bayan ya sanar da ta farko cewa ya janye shi.