Sodar da ba ta yarda da sikeli

Duk mai haɗa sabulu a gida ta san halin soda. Idan aka bar bakin ledar a buɗe, musamman da damina, ƙwayoyin nan farare sukan fara naso, su manne da juna, a ƙarshe su narke. Wannan sodar ita ce masana sinadarai ke kira sodiyom haidroksaid, suna rubuta ta NaOH, kuma halin nan nata shi ne ke hana a amince da nauyinta a ɗakin gwaje-gwaje.

A lissafi abin ba wuya. Mol ɗaya na soda giram 40 ne, don haka wanda ya narka giram 4 a ruwa har ya cika lita guda ya kamata ya sami ruwan soda mai ƙarfin mol 0.1 a lita. Amma da zarar an zuba ƙwayoyin a kan sikeli mai kaifi, lambar ba ta tsayawa, sai hawa take yi a hankali, domin sodar na zuƙar danshin iska. Wani ɓangare na abin da aka auna ruwa ne, kuma ba wanda zai ce ga yawansa.

Matsala ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. Soda na kama iskar kabon dayoksaid, ta rikiɗe zuwa sodiyom kabonat, wanda ke zama farin ɓawo a jikin ƙwayoyin. Duk ƙwayar iskar guda tana cinye ƙwayar soda biyu, kuma a irin gwajin da za mu gani kabonat ɗin da ya samu aikin guda ɗaya kawai yake yi. Ƙarfi ya ragu ke nan, ido bai gani ba.

Saboda haka ake haɗa ruwan sodar bisa kimantawa, sannan a gwada shi da wani abu da aka amince da nauyinsa, kamar yadda ake gwada sabon mudu da wanda kasuwa ta yarda da shi. Abin nan shi ne fotasiyom haidrojin fitalet, wanda aka fi sani da KHP. Farin gishirin asid ne da ake samu da tsabta ƙwarai, ba ya jan danshi a kan sikeli, iska ba ta canza shi. Mol ɗinsa kuma giram 204.22 ne, ya ninka na soda fiye da sau biyar, don haka ɗan kuskuren sikeli ba ya tasiri sosai a kansa. Ƙwayarsa ɗaya tana kashe ƙwayar soda ɗaya.

Ana fara busar da shi a tanda mai zafin digiri 110 na kamar awa biyu, a bar shi ya huce a cikin desiketa, wato rufaffen kwanon da ke hana danshi shiga. A ce an auna giram 0.5106. Sai a narka shi a fulas da tataccen ruwan da aka tafasa ya huce, don korar kabon dayoksaid ɗin cikinsa. Yawan wannan ruwa bai dami kowa ba, tunda abin da ake ƙirgawa shi ne gishirin. A ɗiga fenolfitalin ɗigo biyu ko uku, wanda ba shi da launi a cikin asid. Daga nan a riƙa sakin ruwan soda daga buret, dogon bututun gilashi mai maki, ana jujjuya fulas ɗin, har launin ruwan hoda mai haske sosai ya bayyana ya tsaya na kusan daƙiƙa 30.

A nan ɗalibai suka fi faɗuwa, don suna son launi ya fito jawur su tabbatar. Launi mai kauri shaida ce cewa an zarce. Idan kuma mai hasken ya dushe bayan 'yan mintoci, kada a ƙara ko ɗigo, iskar ɗakin ce ta shiga ruwan.

A ce buret ya nuna mililita 25.60. Giram 0.5106 a raba da 204.22 ya ba da mol 0.002500 na KHP, wato mol 0.002500 na soda ke cikin abin da aka saki. A raba wannan da lita 0.02560, sai a sami 0.0977. An yi niyyar 0.1000, an sami ƙasa da haka da fiye da kashi 2 cikin ɗari. Ga mai sabulu wannan ba komai ba ne, amma mai auna asid ɗin man girki ko na magani zai kwashi wannan kuskure cikin duk sakamakon da ya fitar.

Akan maimaita gwajin aƙalla sau uku. Idan amsoshin suka watse, a duba kumfar iska a bakin buret, ko gishirin da bai gama narkewa ba. Ruwan sodar kuma a robar da ke rufuwa ruf ake ajiye shi, domin yana cin gilashi a hankali, har yakan liƙe murfin kwalba. A rubuta ƙarfinsa da ranar gwaji a jikin robar, in ya kwana biyu a sake gwada shi kafin a yi aiki da shi.