Gyambon kwanciya: Yadda ake gane matakansa huɗu da yadda ake tare shi da wuri

A gidajen Gwandu da Kalgo, kamar sauran garuruwan Jihar Kebbi, jinyar wanda ya kasa tashi takan koma hannun iyali da zarar an sallame shi daga asibiti. A wannan lokaci ne gyambon kwanciya kan samu ƙofa, musamman ga tsofaffi, da masu shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda suka samu rauni a laka.

Ciwon yana faruwa ne idan nauyin jiki ya daɗe yana matse fata tsakanin ƙashi da shimfiɗa, har jini ya kasa ratsawa. Cikin 'yan sa'o'i naman wurin zai iya fara mutuwa. Ya fi kama ƙasan gadon baya, da kwatangwalo, da dunduniya, da idon sawu, da allon kafaɗa.

Matakan ciwon

A mataki na farko fata ba ta fashe ba, launinta ne kawai ya sauya. Littattafan likitanci kan ce wurin yana yin ja, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, abin da ke sa masu jinya da dama ba sa lura. Wurin kan fi kewayensa duhu ko ya yi shunayya, kuma idan aka taɓa za a ji ya fi sauran jiki ɗumi ko sanyi, ya yi tauri ko taushi. Saboda haka hannu ya fi ido saurin gano shi.

A mataki na biyu saman fata ya saluɓe, ana ganin bororo mai ruwa ko buɗaɗɗen ciwo marar zurfi mai launin ja. A na uku fatar ta cinye gaba ɗaya, an samu rami har ana hango kitse. A na huɗu ramin ya kai ga tsoka ko jijiya ko ƙashi.

Idan baƙin ɓawo ko mataccen nama mai ruwan ɗorawa ya rufe ciwon, ba a iya sanin zurfinsa sai ma'aikacin lafiya ya duba, domin abin da ke ƙasa yakan fi abin da ake gani muni.

Misalin kulawar farko

A ɗauki misalin dattijon da ke kwance rigingine a kan katifa, an shimfiɗa masa leda saboda fitsari. A zafin watan Afrilu, da kan haura digiri 40 a wannan yanki, gumi da fitsari sukan jiƙa fatarsa har ta yi laushi. Wata safiya mai jinya ya ga wani wuri mai duhu a ƙasan bayansa.

Matakin farko shi ne a juya shi ya bar wurin, a sake dubawa bayan minti 30. Idan launin bai koma daidai ba, ciwon ya shiga mataki na farko, kuma bai kamata ya sake kwanciya a kan wurin ba sai ya warke.

Daga nan sai a riƙa juya shi duk bayan sa'o'i biyu, dare da rana. Lokutan salla ba su isa zama ma'auni ba, domin tsakanin asuba da azahar akwai fiye da sa'o'i shida. A karkata shi kaɗan a tokare bayansa da matashi, maimakon a ɗora shi gaba ɗaya a kan kwatangwalo. A sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, da wani a ƙarƙashin ƙwabrinsa don dunduniya ta daina taɓa katifa. Mutum biyu su ɗaga shi da zani, kada a ja shi, saboda jan yana yaga fata.

A shimfiɗa zanin auduga a kan ledar, a sauya shi da zarar ya jiƙe. A wanke wurin a hankali, a tsane shi ba tare da gogewa ba. Tausa ko gasa wurin da ruwan zafi ƙara lalata shi suke yi. Abinci mai gina jiki, kamar wake, ƙwai, kifi da nono, tare da wadataccen ruwan sha, yana taimaka wa fata ta farfaɗo. Da irin wannan kulawa, mataki na farko kan washe cikin 'yan kwanaki.

Yaushe za a koma asibiti?

Idan fata ta buɗe, a wanke da ruwan da aka tafasa ya huce, mai ɗauke da gishiri ƙaramin cokali biyu a lita ɗaya, a rufe da bandeji mai tsafta, sannan a nemi ma'aikacin lafiya ya duba. Kada a zuba toka, ko garin magani, ko a fasa kafso a barbaɗa.

Rami mai zurfi, ko wari, ko mugunya, ko zazzaɓi, ko ruɗewar hankali, alamu ne da ba sa jiran gobe, domin ƙwayoyin cuta za su iya shiga jini ko ƙashi. A irin wannan hali a garzaya Babban Asibitin Gwandu ko babban asibitin da ke Kalgo. Mataki na uku da na huɗu sukan ɗauki watanni kafin su warke, wani lokaci ma sai an yi tiyata.