Daga Tukunya Zuwa Faranti: Yadda Mai Abincin Biki Za Ta Tsara Kariya Daga Gubar Abinci

Yawancin matan da ke karɓar kwangilar abincin biki da suna sun iya girki, ba a nan matsalar take ba. Inda ake samun matsala shi ne sa'o'in da ke tsakanin sauke tukunya da lokacin da baƙi za su sa hannu. A nan ne dafa-dukar da kowa ya yaba take komawa abin da zai kwana yana sa mutane amai, washegari kuma sunan mai abincin ya zaga unguwa.

Akwai tsarin da masana'antun abinci ke bi don toshe wannan ƙofa, ana kiran sa HACCP a taƙaice. An ƙirƙiro shi a Amurka a shekarun 1960, lokacin da hukumar NASA da kamfanin Pillsbury ke neman abincin da ba zai kwantar da 'yan sama-jannati ba. Sunan ya yi nauyi, amma ma'anar mai sauƙi ce: ki gano inda haɗari zai iya shiga abincinki, ki zaɓi 'yan wuraren da dole a tare shi, ki sa wa kowanne iyaka da lamba, ki riƙa aunawa, ki rubuta.

Bari mu ɗauki aiki guda mu bi shi. An ba ki kwangilar walima ta mutum 200: dafa-dukar shinkafa kilo 25, kaji 25 kowace an yanka ta gida takwas, da haɗin kabeji da mayonis. An ce za a ci abinci ƙarfe huɗu na yamma.

Kafin ki kunna wuta, ɗauki takarda ki rubuta hanyar da kowane abinci zai bi, mataki-mataki, tare da lokacinsa. Ta kaza ga ta: sayowa, ajiya a firiza, narkarwa, sulalawa da daddare, hucewa, kwana a firji, suya da rana, zubawa a kula, tafiya a mota, rabawa. Ki kira masu taya ki aiki ku duba tare, domin mai suya ta san abin da ke faruwa a bakin kasko fiye da ke. Ki rubuta abin da ake yi da gaske. Idan sulallen naman yakan kwana a cikin tukunya a kan murhu, haka za ki rubuta, ko da bai yi miki daɗin gani a takarda ba.

Sai ki tsaya a kowane mataki ki tambayi kanki: me zai iya lalacewa a nan? Tsakuwa a shinkafa, ragowar maganin ƙwari a wake, gyaɗar da ke cikin yaji ga wanda jikinsa bai karɓar ta, duk suna cikin lissafi. Amma a wannan aikin babban abokin gaba ƙwayoyin cuta ne, kuma guda biyu ya kamata ki sani.

Ta farko salmonela, wadda ɗanyar kaza kan zo da ita. Wuta tana kashe ta, idan zafin ya ratsa har cikin tsoka. Ta biyu ita ce ta shinkafa, masana na kiran ta basilus siriyus, kuma ta fi wayo. Irinta yana da ɓawon da tafasa ba ta kashe shi. Idan dafaffiyar shinkafa ta huce ta zauna da ɗumi-ɗumi, sai irin ya farka ya hayayyafa ya saki guba. Wannan gubar ba ta jin wuta. Ko kin sake ɗumama shinkafar tana tururi, tana nan. Ba lallai kuma ta canza wari ko ɗanɗano ba, don haka sansanawa ba gwaji ba ne. Alamarta amai ne da ke farawa da wuri, daga rabin sa'a zuwa sa'a shida bayan cin abincin. Ita salmonela takan ɗauki lokaci, sau da yawa sai washegari ko bayan kwana biyu zawo da zazzaɓi za su bayyana.

Duka biyun sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyos. Zafin garinmu a watan Afrilu, musamman cikin but ɗin mota, shi ne daidai abin da suke so. A irin wannan yanayi adadin wasu ƙwayoyin kan ninka cikin kimanin minti 20.

Yanzu a zo ga zuciyar tsarin, wato zaɓen wuraren tsaro. Nan ne mutane kan yi zarin hannu su ce kowane mataki wurin tsaro ne, daga ƙarshe babu wanda ake lura da shi. Wanke hannu, ruwa mai tsabta, raba katako da wuƙar ɗanyen nama da na ganye, waɗannan ƙa'idojin kullum ne, su ne harsashin ginin. Wurin tsaro kuwa ana gane shi da tambaya ɗaya: idan haɗarin ya wuce nan, akwai wani mataki a gaba da zai kawar da shi? Ɗanyar kazar da kika sayo tana iya zuwa da salmonela, amma wuta na jiran ta a gaba, don haka sayowa ba wurin tsaro ba ne. Shinkafar da ke cikin kula babu abin da ya rage mata sai bakin baƙo. Wannan wurin tsaro ne.

Da wannan tambaya, aikin namu ya tsaya a wurare huɗu: dahuwar kaza, hucewarta da daddare, riƙe zafin shinkafa da naman bayan an sauke, da sanyin haɗin kabeji.

Duk huɗun suna buƙatar kayan aiki guda: ma'aunin zafi mai tsinke, irin wanda ake soka wa abinci. A ganina ya fi sabuwar kula muhimmanci, domin tafin hannu ba ya bambanta digiri 52 da 62. Ki gwada shi kafin ranar aiki. A cikin kofin da aka cika da dakakkiyar ƙanƙara da ɗan ruwa, ya nuna sifili. A ruwan da ke tafasa, ya nuna kusa da 100. A Kano zai ɗan gaza haka da digiri ɗaya zuwa biyu, a Jos kuma wajen 96, saboda tudu, ba don ya lalace ba. Ki wanke tsinken ki tsoma shi a tafasasshen ruwa kafin ya tashi daga wannan abinci zuwa wancan.

Iyakar dahuwar kaza digiri 75 ce a tsakiyar tsoka mafi kauri, a cinya, ba tare da tsinken ya taɓa ƙashi ba. A kowace tukunya ki zaɓi manyan yanka uku ki auna. Idan ɗaya ya nuna 68, tukunyar gaba ɗaya ta koma wuta. Abin da ya fi jawo haka shi ne kazar firiza da ba ta gama narkewa ba: waje ya yi kyau, ciki da saura.

Hucewa ita ce matakin da aka fi raina. Babbar tukunya cike da nama da romo, an rufe ta, tana iya kaiwa asuba da ɗumi a tsakiyarta. Ƙa'idar ita ce abincin ya sauko daga 60 zuwa 21 cikin sa'a biyu, sannan ya kai 5 cikin wasu sa'o'i huɗu. Iskar ɗaki kaɗai ba za ta kai ki 21 ba a lokacin zafi. Ki tsame naman daga romo, ki baza shi a farantai marasa zurfi, ki ɗora su a kan ƙanƙara, sannan firji. Idan kin san wutar unguwarku ba ta da tabbas kuma babu janareta, ki soke wannan mataki ɗungurungum: a sulala da safe, a soya nan take. Haɗarin da kika cire daga hanya ya fi wanda kike gadi sauƙi.

Sai babban wurin, riƙe zafi. Yadda aka saba shi ne a sauke shinkafa ƙarfe tara na safe don kada a makara, a zuba a robobin tekawe ƙarfe goma sha ɗaya, a jera a buhu. Ƙaramar roba ba ta riƙe zafi. Kafin azahar ta faɗo ƙasa da 60, kuma ba za a buɗe ta ba sai bayan la'asar. Tsarinki zai juya lissafin, ki ƙirgo daga ƙarfe huɗu ki dawo baya. A sauke shinkafa ƙarfe ɗaya da rabi. A ɗauraye kuloli da tafasasshen ruwa su yi zafi, a cika su taf, domin kula rabi ta fi saurin hucewa. A zuba a robobi can wurin taron, dab da rabawa. Iyakar ita ce kada ta sauka ƙasa da 60, kuma za a auna lokacin zubawa, lokacin tashi ƙarfe uku, lokacin isa, daga nan kowace sa'a. Ki auna tsakiya da kuma gefe kusa da murfi, inda ya fi saurin hucewa.

To ga abin da kowace mai wannan sana'a ta sani: amarya ba ta iso ba. Ƙarfe biyar kula ta uku ta nuna 63, ƙarfe shida ta nuna 55. Tun a gida ya kamata amsar ta kasance a rubuce, domin a cikin hayaniyar biki, uwar amarya na tsaye a kanki, ba lokacin shawara ba ne. Ki fara ƙirga daga awo na ƙarshe mai kyau, wato ƙarfe biyar. Kafin ƙarfe bakwai kina iya mayar da ita wuta ta kai 75, sau ɗaya tak, don haka ki taho da ƙaramin gas. Daga bakwai zuwa tara, a raba a ci nan take, kada a ajiye, kada a ba kowa ya tafi da ita gida. Bayan ƙarfe tara, sa'a huɗu sun cika, sai zubarwa. Na san zubar da kula guda ta shinkafa yana da ciwo, a wannan tsadar. Shi ya sa ya dace ki faɗa wa mai biki wannan sharaɗi tun ranar da kuke ciniki.

Haɗin kabeji ba ya ganin wuta ko kaɗan, sanyi ne kawai kariyarsa. A wanke ganyen da ruwan da za ki iya sha, a yanka, a ajiye a kular ƙanƙara a digiri 5 ko ƙasa, a zuba mayonis a wurin taro kaɗan-kaɗan. Kada ki sa shi a roba ɗaya da shinkafa mai zafi.

Rubutu kuwa littafin makaranta ya isa. Kowane aiki shafi guda: kwanan wata, abinci, lokaci, abin da ma'auni ya nuna, wadda ta auna, abin da aka yi da aka ga ya gaza. Ki ɗora wa mutum ɗaya alhakin awon da sunanta. In aka ce kowa ya lura, ba wanda zai lura. Washegari ki zauna ki duba shafin. Idan kin ga duk lambobin 75 ne cif, da biro ɗaya da rubutu iri ɗaya, wataƙila a zaune ɗaya aka cike su. Idan kin ga kula ta uku ce kullum ke fara hucewa, murfinta ya saki, ki canza ta. Ranar da wani ya kira ya ce abincinki ya ɓata masa ciki, ko jami'an lafiya na ƙaramar hukuma suka zo dubawa, wannan shafin ne zai yi magana a madadinki.

Tsarin na dafa-duka da kaza ne kawai. Ranar da aka ce ki ƙara alala, ko soyayyar shinkafa mai hanta, ko kunun aya, sai ki ɗauko sabuwar takarda ki zana wa kowanne hanyarsa. Kunun aya musamman, tun da ba a dafa shi, ruwan da aka tace shi da shi da ƙanƙarar da ke riƙe shi su ne wuraren tsaronsa.