Rezo ba ya shiga ɗakinka? Gwada wannan kafin ka sayi na'ura

A Maraɗi, Damagaram da Tawa, an saba ganin mutum ya fito tsakar gida don amsa kira, saboda rezo ba ya kamawa a ɗaki. Wasu kan garzaya kasuwa su sayo na'urar ƙara ƙarfin rezo, amma ba kowane gida take yi wa amfani ba.

Siginar da ke fitowa daga dogon ƙarfen kamfanin waya tana raunana duk lokacin da ta ratsa wani abu. Rufin kwano da ƙyauren ƙarfe suna mayar da ita baya, dakali mai rodi da katanga mai kauri kuma suna cinye ƙarfinta.

Sandunan da ke saman allo ba ma'auni ne tabbatacce ba. A yawancin wayoyin Android, ana ganin ainihin ƙarfin a cikin saituna, wajen bayanin katin SIM, da lamba mai alamar dBm. A kan 4G, -90 yana da kyau, -110 kuwa rauni ne. Kowane ragin 10 yana nufin ƙarfin ya ragu sau goma.

A ce ka auna a tsakar gida ka samu -92, a cikin ɗaki kuma -112. Bambancin 20 ke nan, wato ginin ya rage ƙarfin sau ɗari. A irin wannan gida na'urar za ta yi aiki: eriyarta ta waje tana ɗauko sigina daga saman rufi, a ƙara mata ƙarfi, a watsa a ɗaki. Amma idan a saman rufin ma -115 ka gani, ba ta da abin kirki da za ta ƙarfafa. Haka kuma, idan lambar tana da kyau amma intanet yana jan ƙafa da dare, cunkoson jama'a ne, na'ura ba ta maganinsa.

Mai saye ya tabbatar na'urar ta dace da mitar kamfaninsa, ya kuma nisanta eriyar waje da ta ciki. Idan suka kusanci juna, na'urar takan damalmala rezon maƙwabta. Ya tuntuɓi kamfaninsa ko hukumar ARCEP game da izini tun kafin ya biya.

Hanya ta biyu ita ce Wi-Fi Calling, inda kiran lambarka ke bi ta intanet na gida. Sai kamfaninka da wayarka duk sun amince da tsarin yake aiki. Kunna maɓallin kaɗai bai isa ba. In babu, kiran WhatsApp ta Wi-Fi yana maye gurbi. Idan akwatin Wi-Fi ɗinka da SIM yake aiki, ajiye shi bakin tagar da awo ya fi kyau, ka haɗa masa batir saboda ɗaukewar wuta.