Kyautar wanda ba ka san abin da yake so ba: darasi daga tashar Adjamé

A gida ba mu cika shan wahalar zaɓen kyauta ba. Ka san dattijo goro yake so, malami turare, amarya turmin atamfa, yara kuma alawa da dabino. Amma duk wanda ya zauna Abidjan ya san lissafin nan ba ya ci a nan. Maƙwabcinka na ɗaki Baule ne, na gaba da shi Bajule, mai rubuta maka takardar kaya a tasha ɗan Katolika ne, direban da ke kai maka dila Korhogo ɗan Senufo. Kullum kuna gaisawa, amma ba ka taɓa ganin cikin tukunyarsu ba. Ran da ya wajaba ka yi wa ɗayansu alheri, sai ka tsaya tsakiyar kasuwa da kuɗi a hannu kana raba ido.

Ni mutumin Maraɗi ne, atamfa nake sayarwa a Adjamé, ina kwana Treichville, kuma rabin cinikina ta tashar mota yake bi zuwa Bouaké da arewa. Abin da shekaru suka koya mini shi ne: idan ba ka san abin da mutum yake so ba, kada ka yi caca da kuɗinka a kan zaɓin ransa. Ka nemi sanin abu uku kawai. Su wa yake ciyarwa? Me ba ya taɓawa? Yaushe ne lokacin hidimarsa? In ka samu amsar waɗannan, kyautar da kanta za ta nuna maka kanta.

Bari in ba ku misali da abin da ya faru da ni. Wata shekara dilata guda ta yi ɓatan kai a hanyar Bouaké, aka sauke ta Yamoussoukro bisa kuskure. Wani ma'aikacin kamfanin motar, mai rubuta takardun kaya, ya yini yana buga waya har aka gano ta, ta isa hannun mai ita ba a kwance ko igiya ba. Kayan da ke ciki rabin jarina ne. Shekara biyu ina ganin mutumin nan ta tagar ofis, amma ban da gaisuwa ba abin da ya taɓa haɗa mu.

Ban tambaye shi me yake so ba. In ka tambayi mai kunya, zai ce ba komai. In ka tambayi marar kunya, zai faɗi abin da ya fi ƙarfinka, ka shiga uku. Sai na sa yaron shagona, wanda ke kai kaya tasha kullum, ya bi ta kan masu lodi da mai sayar da garba na bakin ƙofa. A tasha babu sirrin da mai abinci bai sani ba. Cikin kwana biyu na ji cewa Baule ne daga wajen Sakassou, Kirista, yana da mata da yara huɗu a Abobo, ba shi da wani hani a kan naman sa, kuma duk shekara yana zuwa ƙauye bikin Pakinu.

Maganar hani kada ku ɗauke ta wasa. Gidaje da yawa a ƙasar nan suna da abin da suka gada ba sa ci, Julawa na ce masa tana. Wani gida wani irin kifi ne, wani gida wata dabba ce, kuma ba a gane shi daga ƙabila ko addini, sai an tambaya. Kamar yadda za ka ji in an miƙo maka naman da ba ka san yankansa ba, haka shi ma zai ji.

Pakinu kuwa shi ne Ista irin ta Baule. Lokacin ne suke barin Abidjan da gonakin koko na yamma su koma ƙauyukansu na tsakiyar ƙasa, a yi taron dangi, a sasanta rigingimu. Duk mai aiki kusa da tasha ya san makon nan, don wurin sa ƙafa ma gagara yake. Ista tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Mutumin da zai je gaban iyayensa da dangi, babban abin da ke ransa shi ne kada ya isa hannu rabbana. Da na ji haka sai na san ba shi kaɗai zan yi wa kyauta ba, tsarabar da zai fita kunya da ita zan taya shi haɗawa. Saura mako uku, sai na jira.

Abin da ya fara zo mini a rai atamfa ce, tunda ita ce a hannuna kuma da kuɗin sari zan same ta. Na ajiye wannan tunanin saboda dalili biyu. Na farko, zane a Abidjan magana yake yi. Mata sun raɗa wa zanuwa sunaye da Faransanci, akwai wanda ma'anarsa "idon kishiyata", akwai "miji mai iyawa", akwai "in ka fita, ni ma in fita". Kai ka ga launi mai kyau, ita ta karanta habaici. Na biyu, namiji baƙo ya aika wa matar wani turmi, yadi shida, ko da ta hannun mijin ne, ya buɗe ƙofar zargi. Ga kuma daraja: matan garin nan da taɓawa suke bambance ɗan Holan da na Uniwax da ake bugawa a Yopougon da kuma kwaikwayon Sin. Ka ba da mai araha a ce ka raina, ka ba da mai tsada a ce me kake nema.

Turare ma na tsallake shi. Turarenmu na mai yana da nauyi, wanda bai saba ba sai ya ce kansa na ciwo. Hula da takalmi suna son awo, ni kuwa ban san nasa ba. Goro fa? Daga nan Anyama, bayan Abobo kaɗan, ake ɗaure shi a yi arewa da shi, ka ga kai wa mutumin nan goro kamar kai wa Bagobiri gero ne. Wajen Julawa kuma goro a ƙunshe yana da nasa ma'anar, da shi ake zuwa neman aure. Wani abokina ya ce ai dattawan Baule kwalbar giya ake kai musu. Gaskiya ne al'adarsu ce, amma ba hannuna zai ɗauka ba, su ma sun san Musulmi ba ya yi, ba wanda zai riƙe ka da wannan.

Sai na koma ga abin da ake rabawa kuma yake ƙarewa. Na ware jika goma na sefa. Mafi yawansu suka tafi a shinkafa kilo goma da kwalbar man girki. Waɗannan ba gidan da za su shiga a rasa yadda za a yi da su. Amma shinkafa da mai kowa na iya saye, ba su da suna. Don haka na ƙara abu biyu da ke cewa daga Bahaushe suka fito: albasar Galmi kilo uku, wadda lokacin sabuwarta ke shigowa, da ɗan ƙunshin kilishi. Kilishin kaɗan na sa da gangan. Yana da yaji da ƙuli, ba kowane ciki ke karɓarsa ba, kuma raɓar Abidjan ba ta barinsa ya daɗe, in ya kwana biyu a leda sai ya yi laushi ya fara fumfuna. Na naɗe shi a takarda, na ce a ci a makon. In sun so, na san abin da zan kawo gaba. In ba su so ba, asarar ba ta kai ta dami kowa ba.

Me ya sa jika goma, ba hamsin ba, alhali dilar ta fi haka nesa? Domin kyauta bashi ce mai ladabi. Wanda ka ba zai so ya rama wata rana, in ka ɗora masa abin da albashinsa ba zai iya mayarwa ba, ka mai da shi yaronka, daga nan sai ya fara kauce maka. Ka auna da aljihunsa, ba da naka ba.

Yadda ake miƙawa ma rabin kyautar ne. Ban kai masa ta tagar ofis ba. A gaban abokan aikinsa da fasinjoji, buhun shinkafa sunansa cin hanci, kana iya jawo masa kora garin godiya. Kuma na bari sai da aikin ya wuce da makonni, ba ni da wani kaya a hannunsa ranar. Na jira ya tashi aiki, muka haɗu wajen da yake hawa gbaka zuwa Abobo, na miƙa da hannu biyu, na ce ga ɗan abin miya a kai wa su tsohuwa, a gaishe su. Kalmar "a kai wa su tsohuwa" ita ta sauƙaƙa masa karɓa, don mutum na iya ƙin abin da aka ba shi, amma ba ya ƙi wa uwarsa. In yaro za ka aika, ka sallame shi da kanka, don tukwici al'adarmu ce, ba kowa ya san ta ba, kada yaron ya tsaya yana jira a ji kunya.

Ta yaya za ka gane ta karɓu? Ba daga godiyar wurin ba, kowa na yin ta. Mutanen nan suna da ɗabi'ar sake godiya washegari, shi ma da safe ya biyo ta shago ya ce an gode da na jiya. Bayan Pakinu ya dawo mini da doya biyar daga gonar gidansu. Wannan ita ce alamar: ramuwa daidai ƙarfi, ba gaggawa. In ka ga an mayar maka da abin da ya fi naka tsada cikin kwana ɗaya ko biyu, to ana so a sauke nauyinka ne a huta. In kuma mutum ya fara sauya hanya in ya hango ka, ka yi masa yawa.

Sabon maƙwabci a gidan haya ma wannan ma'aunin ne, sai dai a nan mata su ne kan gaba. Ka bar uwargida ta kai wa uwargida, kai kada ka shiga. Karon farko ɗanyen abu ya fi dafaffe, albasa ko sabulu ko kwalin sukari, tunda ba ku san hanin juna ba tukuna. Ku lura da yadda maƙwabtanmu Kiristoci ke yi mana: azumi na kamawa sai ka ga sukari na shigowa daga ɗakunansu. Ba su san irin hular da kake so ba, amma sun san watan da gidanka ke shan kunu da shayi. Mu ma mu san nasu, Kirsimeti da sabuwar shekara da Ista, ranar layya kuma kason namansu ya riga na nesa fita.

Kyautar farko ba a nan ake burge mutum ba, tambaya ce kake aikawa cikin ladabi. Daga abin da ya yaba da abin da ya yi shiru a kai za ka san ta biyu. Allah Ya haɗa mu da maƙwabta na gari, Ya sa mu ma mu zame musu haka.