"Me ya sa za ki bar inda kike?": amsar da ba ta ɓata tsohon ubangida

Tun daga yunwar 2005, lokacin da ƙungiyoyin agaji suka yawaita a jihar Maraɗi, aikin jinya da na yaƙi da tamowa ya zama hanyar samun abinci ga matasa da dama a Tasawa da Mayahi. Save the Children ta daɗe tana aiki a yankin Tasawa, wasu ƙungiyoyin kuma suna zuwa suna tafiya gwargwadon kuɗin da suka samu. Yawancin guraben na kwantiragi ne mai wa'adi, don haka ma'aikaci yakan sauya wuri sau da yawa. Duk inda ya je ganawar ɗaukar aiki, tambaya guda tana jiran sa: me ya sa kake son barin inda kake?

Masu tambayar ba labarin tsohon wurin suke nema ba. So suke su san ko mutum tafiya ya yi don kansa ko korar sa ake shirin yi, ko abin da ya tashe shi can zai sake tashin sa a nan, da kuma yadda zai ambace su ranar da ya bar su. Ga shi kuma masu wannan sana'a a yankin ba su da yawa. Wanda ke zaune a teburin ganawa yana iya zama abokin karatun shugaban da ake kuka da shi, ko su haɗu a taron ma'aikatan lafiya a Maraɗi mako mai zuwa. Baki shi ke yanka wuya.

Mu ɗauki misali. Wata ma'aikaciyar jinya ta yi shekara uku a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a yankin Mayahi, yanzu tana neman gurbin kula da yara masu tamowa a Tasawa. In ta zauna ta rubuta gaskiyar abin da ke ranta, dalilai huɗu za su fito: albashi yana makara har wata biyu, mai asibitin yana yi mata tsawa a gaban majinyata, mijinta da ƴaƴanta suna Tasawa, kuma aikin bai wuce allura da awon jini da ɗaurin rauni ba.

Abu na farko shi ne ta ware su. Tsawar maigida magana ce a kan halin mutum. Ba wanda zai iya tabbatar da ita a ɗakin ganawa, kuma mai saurare zai fara tunanin ko ita me ta yi. Wannan sai ta ajiye shi. Makarar albashi da nisan iyali yanayi ne, ana iya faɗin su in an tambaya. Dalili na huɗu shi ne ƙashin bayan amsa, domin gaskiya ne kuma yana fuskantar aikin da take nema.

Sai ta gina amsar hawa uku: abin da ta koya, inda aikin ya tsaya, da abin da sabon gurbi zai ƙara mata. Tana iya cewa:

"Ranku ya daɗe, na yi shekara uku a can, kuma a can hannuna ya faɗa da aikin jinya. Sai dai wurin ƙarami ne. In an kawo yaron da awon damtsensa ya nuna ja, ko ƙafafunsa sun kumbura, iyakarmu mu tura shi gaba, ba na sanin yadda ya ƙare. Ina son aikin da zan bi yaro tun daga karɓa har sallama, shi ya sa na nemi wannan gurbi."

Amsar ba ta kai minti ɗaya ba. Ba ta zargi kowa ba, don ƙanƙantar asibiti ba laifin mai shi ba ne. Kuma ta nuna wa masu tambaya cewa ta san aikin: ta san jan launi a ma'aunin damtse, wato ƙasa da milimita 115, alamar tamowa mai tsanani ce.

Gwanin tambaya ba ya tsayawa nan. Zai iya cewa, "Malama, ba wata matsala tsakaninki da shugabanki?" A nan ake faɗawa rami biyu. Wata ta ga an buɗe mata ƙofa ta juye duk abin da ke cikinta. Wata kuma ta shiga yabon da ya wuce kima, har a ce mata, to in haka wurin yake me ya tashe ki? Tsaka-tsakin shi ne ta ce, "Akwai abubuwan da ra'ayinmu ya bambanta a kan tsarin aiki, na faɗa masa nawa, kuma har yau ina zuwa aikina." In an matsa a kan kuɗi, ta faɗi abin da ya faru ba tare da ta yi hukunci ba: "Albashi yakan makara, ni kuma ina da iyali, ina neman inda zan iya tsara hidimar gidana." Cewa albashi ya makara bayani ne. Cewa mutumin macuci ne hukunci ne, kuma shi ke zubar da mai faɗin sa.

Ana gane amsa ta karkace idan tambayoyin da suka biyo baya suka koma kan tsohon maigida, irin su "to shi me ya ce?" ko "sau nawa hakan ta faru?" In ta ji haka, ta rufe zancen da jimla ɗaya ta dawo kan aikin da take nema. Haka kuma kada ta jingina komai ga iyali kaɗai, don za a ɗauka kowane aiki a Tasawa ya ishe ta. Ƙirƙiro dalili ya fi duka haɗari, tun da ƙungiyoyi sukan buga waya ga tsohon wurin aiki kafin su sa hannu.

Kame baki a ganawa ba yafe hakki ba ne. Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta tanadi inda ake kai kuka. Albashin da aka riƙe, ko rashin yi wa ma'aikaci rajista a asusun CNSS, maganar sufeton ƙwadago ce, wanda ke fara neman sulhu kafin a je kotu. Masu ganawa ba za su karɓo mata ko dala ba.

Dokar tana kuma shafar tambayar da ke biyo baya: yaushe za ki iya farawa? Mai kwantiragi marar wa'adi sai ya ba da sanarwar barin aiki a rubuce, ya cika kwanakin da matsayinsa ya ɗora masa. Mai kwantiragi mai wa'adi ba ya tsinke shi haka kawai kafin lokaci, sai dai da yardar ɓangarorin biyu ko wani babban dalili da doka ta amince da shi. Saboda haka ta karanta takardarta kafin ranar ganawa. Wadda ta ce "sai na cika wa'adin sanarwa na miƙa aiki" ta fi kwantar da hankalin mai ɗauka a kan wadda ta ce "ko gobe".

Ranar tafiya kuma ta karɓi takardar shaidar aiki. Wajibi ne maigida ya ba ta, kuma abin da ake rubutawa a ciki shi ne ranar shiga, ranar fita da irin aikin da ta riƙe. Ba a sa ra'ayinsa a kanta a ciki. Ra'ayin nan ta waya zai bi, shi ya sa ya kamata ta sanar da shi da bakinta cewa ta ba da sunansa, kafin wani ya riga ta.